Gaisuwa a Lifta da Matakalar Bene: Yadda Za Ka Gane Ko Mutum Yana Son Hira

Masu karatu da dama, musamman waɗanda suka tare a gida mai hawa-hawa ko suka kama aiki a dogon gini, suna ta maimaita tambaya guda: idan na haɗu da mutum a lifta ko a matakala, in gaishe shi ne ko in kama bakina? In kuma na gaishe shi ya amsa, ta yaya zan gane yana son mu ci gaba da magana, ko kara ce kawai yake yi mini?

Amsar kashin farko gajeriya ce: ka gaishe shi. Wahalar tana a kashi na biyu, kuma dalilinta ɗaya ne. A fili, wanda ba ya son hira sai ya ci gaba da tafiyarsa. A lifta ba shi da inda zai je. Saboda haka tsayuwar da ya yi a gabanka yana sauraronka ba ta nuna komai, ƙofa ce ta rufe shi tare da kai. Dole ka nemi alamar a wani wuri, kuma wurin da ake nemanta a lifta daban yake da na matakala. Ba a bukatar kayan aiki banda ido, kunne da murya mai sauƙi. Kuɗi ma ba a kashewa. Abin da kuskure ke cin maka shi ne maƙwabci ya fara jan ƙafa idan ya hango ka a bakin lifta, ya bari ka hau tukuna.

1. Ka lissafa lokacin da kake da shi

Kafin ka buɗe baki ka san daƙiƙa nawa ke hannunka. Liftar gidajen da ba su yi tsawo sosai ba tana tafiyar kusan mita 1 a daƙiƙa, tsakanin hawa da hawa kuwa kusan mita 3 ne. Ke nan daga ƙasa zuwa hawa na 6 tafiyar kanta ba ta wuce daƙiƙa 20 da 'yan kai ba, in ka haɗa da rufe ƙofa da buɗewa sai ta kai wajen rabin minti. Liftocin manyan gine-ginen ofisoshi sun fi haka sauri nesa. Rabin minti yana ɗaukar gaisuwa, amsarta, da jimla biyu ko uku. Ba ya ɗaukar labari.

Hanya mafi sauƙi ta sanin lokacin ita ce ka dubi maɓallin da ke ci da wuta. In shi zai sauka a hawa na 2, kai kuma na 9, lokacinsa ne ma'auni, ba naka ba. Gaisuwa kaɗai za ta shiga, kada ka ɗora mata komai.

Gargaɗi: kada ka fara maganar da ƙarshenta ba zai zo ba kafin ƙofa ta buɗe. Wanda aka katse masa tafiya da rabin labari yakan tsaya ne don kunya, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba don labarin ya yi masa daɗi ba.

2. Kallo ɗaya tun daga bakin ƙofa

Kallo ɗaya, ba biyu ba. Abin da kake dubawa shi ne kunnensa, hannunsa da fuskarsa. Akwai abin sauraro a kunnensa? Waya tana manne da kumatunsa, ko yana rubutu a cikinta da yatsu biyu? Yana riƙe da kaya mai nauyi, ko yaro mai rigima? Yana duba agogo yana danna maɓallin rufe ƙofa a kai a kai? Idonsa ya yi ja, ko fuskarsa a ɗaure take kamar wanda ya fito daga wani ɗaki da ba a rabu lafiya ba? Duk wanda ka gani a ɗaya daga waɗannan halaye, ka riga ka sami amsarka kafin ka yi tambaya. Ka ba shi ƙaramar gaisuwa ka bar shi.

Bambanci yana nan tsakanin mai rubutu a waya da mai shafa ta kawai. Mutane da yawa suna ciro waya a lifta ne don su sami inda za su ajiye idonsu, ba don akwai abin yi a ciki ba, ballantana ma sau da yawa sabis yana ɗaukewa a cikin lifta. Irin wannan yakan ɗago kai da ka yi magana. Mai rubutun gaske kuwa zai amsa ba tare da ya ɗago ba.

3. Inda za ka tsaya

Wannan matakin shi mutane suka fi rainawa, kuma shi ke ɓata sauran. Lifta mai ɗaukar mutum 8, wadda za ka ga an rubuta kilo 630 a jikinta, faɗinta yakan zama mita 1.1, zurfinta mita 1.4. Masanin halayyar al'umma Edward Hall, a shekarun 1960, ya auna cewa tazarar da mutanen da ya nazarta ke bari tsakaninsu da wanda ba su saba da shi ba tana farawa ne daga kusan mita 1.2, abin da bai kai santimita 45 ba kuwa na makusanta ne kawai. Adadin yana sauyawa daga wata al'umma zuwa wata, amma ko da wane ma'auni ka auna, mutum biyu a ƙaramar lifta sun fi kusa da juna fiye da yadda za su zaɓa da a fili suke. Shi ya sa kowa ke kallon lambobin hawa ko takalminsa. Ba girman kai ba ne, ragewa juna nauyin kusancin ne.

Don haka in ku biyu ne, ka ɗauki kusurwar da ta fi nisa da shi. Ka fuskanci ƙofa, ko ka ɗan karkata, amma kada ka tsaya gaba da gaba da shi. Kada ka shiga tsakaninsa da ƙofa in akwai wani wurin, kada kuma ka tsaya daf da bayansa. In kai ne kusa da maɓallai, ka matsa kaɗan yadda hannunsa zai kai ba sai ya raɓe ka ba.

Gargaɗi: madubin lifta yana tona asiri. Mutane suna tsammanin kallon wani ta madubi ba kallo ba ne, alhali shi ma yana ganin idonka sarai.

4. Gaisuwar kanta

Lokacinta shi ne daƙiƙar da ɗayanku ya shigo, kafin ƙofa ta rufe. In ka bari kuka haura hawa uku shiru sannan ka ce "Barka da asuba", sai ta zo a makare, ya fara tunanin me kake nema.

Ka haɗa ido da shi na ɗan lokaci, ka saki fuska, ka faɗi gaisuwa ɗaya da murya ƙasa da wadda kake yi a waje, domin ɗan akwatin ƙarfe ne, yana ƙara sauti. "Sannu, Malam." "Ina kwana, Baba." "Barka da yamma, Hajiya." Sallama ma ta wadatar. In shugabanka ne a wurin aiki, "Barka da asuba, yallaɓai" ya isa. Ga mai abin sauraro a kunne ko wanda yake waya, ɗan sunkuyar da kai da ɗaga gira gaisuwa ce cikakkiya, kuma ba ta tilasta masa ya cire komai.

Daga nan sai abu mafi muhimmanci a wannan matakin: ka kawar da idonka. Ka mayar da shi kan ƙofa ko lambobin hawa. Da wannan kawar da idon kake gaya masa cewa ka gan shi, ka girmama shi, kuma ba ka ɗora masa wani nauyi ba. Wanda ya gaisa ya ci gaba da zuba ido yana jiran ƙari, ya mayar da gaisuwar tamkar bashi.

In lifta cike take, gaisuwa ɗaya ga kowa da kowa, ba a bi ɗaya bayan ɗaya. In mutum biyu suna cikin maganarsu ka shigo, ka gaisa ka yi kamar ba ka ji, ko da abin da suke faɗa ka fi su saninsa.

5. Ka saurari abin da ya ƙara a kan amsar

A nan ake gane komai, kuma a nan aka fi yin kuskure. "Lafiya lau" ba alama ba ce. Kai ko da ya mayar maka da "Ya aiki?" ko "Ya gida?", har yanzu a cikin gaisuwa kuke, bakinsa ne ke tafiya da kansa, zuciyarsa tana iya kasancewa a wani wuri. Mutumin da ya fi kowa gajiya ma zai yi maka wannan. Abin da za ka saurara shi ne abin da ya ƙara wanda gaisuwa ba ta wajabta masa ba.

Ga bambancin. Ka ce "Ya aiki?" Na farko ya ce, "Alhamdulillahi." Na biyu ya ce, "Alhamdulillahi, ai yau kam mun sha shi, tun safe ba mu zauna ba." Na biyun ya miƙo maka bakin zare. Ba wanda ya tambaye shi tun yaushe bai zauna ba, shi ya kawo da kansa. Wannan ƙarin, komai ƙanƙantarsa, ya fi murmushi ƙarfi a matsayin shaida, domin murmushi ana yinsa don ladabi, amma ba a cika ƙirƙiro sabuwar magana don ladabi ba.

Sai saurin amsar. Wani bincike da aka buga a 2009 a kan harsuna 10 ya gano cewa tsakanin tambaya da amsarta, a hirar yau da kullum, matsakaicin gibin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Kunnenmu ya saba da wannan saurin. In ka ji amsa ta yi jinkirin daƙiƙa guda cur, ko ta zo da "Na'am?" kamar wanda aka tasa daga barci, to ka tsamo shi ne daga wani tunani, kuma mai yiwuwa yana son komawa cikinsa.

Sai jiki. Bayan ya amsa, ina idonsa ya koma? In ya koma kan waya ko lambobin hawa ya zauna can, an gama. In ya sake dawowa kanka karo na biyu, ko ya saukar da wayar, ko ya zare abin sauraron kunne ɗaya ya riƙe a hannu bai mayar ba, ko kafaɗarsa ta ɗan juyo wajenka, ƙofa a buɗe take. Ni dai ban cika yarda da alama guda ita kaɗai ba. Ka nemi biyu da suka dace da juna: ƙarin magana da dawowar ido, misali. In baki ya ce eh jiki ya ce a'a, ka bi jiki.

Gargaɗi: gajeriyar amsa ba ƙiyayya ba ce. Akwai mai kunya, akwai wanda kunnensa ba ya ji sosai kuma ƙugin lifta ya ƙara dagula masa, akwai wanda harshen bai zauna a bakinsa ba, akwai mai tsoron rufaffen wuri da ke ƙirga hawa a zuci yana jiran ƙofa. Kada ka tambaye shi "Lafiya kuwa?" ko ka ce "Yau ba a magana ne?" Wannan ba raha ba ce a kunnensa, tuhuma ce.

6. Gwaji ɗaya tak

In alamun sun rikice maka, kana da damar gwaji ɗaya. Ka faɗi wani abu ƙarami a kan abin da ku biyun kuke gani ko kuke ciki: zafin ranar, ruwan da aka yi, liftar da ta daɗe ba ta zo ba. Ka faɗe shi a matsayin zance, ba tambaya ba. "Yau liftar nan jinkiri take yi" ya fi "Kai ma ka daɗe kana jira?" Dalili shi ne tambaya tana tilasta amsa, zance kuwa yana barin mutum ya zaɓa. Yana iya cewa "Wallahi kuwa" ya yi shiru ba tare da ya ji ya yi maka rashin kirki ba, yana kuma iya ɗorawa. Da tambaya ba za ka taɓa sanin ko son ransa ne ya amsa ba.

In ya ce "Gaskiya" ko "Hmm" ya tsaya, ka yi shiru kai ma, cikin sakin fuska. Kada ka jefa na biyu. Shirun daƙiƙa 15 ba ya kashe kowa, kuma yawanci mai gaisuwar ne kaɗai yake jin nauyinsa.

Gargaɗi: akwai tambayoyin da ba na lifta ba ne ko da mutum ya saki jiki. Wane ɗaki kake? Ke kaɗai kike zaune? Wurin wa ka zo? Me ke cikin jakar? A liftar asibiti kuwa, ko "Wa ba shi da lafiya?" ka bar shi, sai in shi ya fara, domin ba ka san daga wane gado ya taso ba. A ofis, kada ka tare shugaba da maganar hutu ko ƙarin girma don ka same shi ba mafita. Zai amsa maka da "Za mu duba", kuma zai tuna yadda ka yi.

Ga yadda abin yake tafiya a aikace. Ka shiga a ƙasa da yamma, za ka hawa na 7. Wani dattijo da ka sha gani a ginin ya shigo bayanka da leda a kowane hannu. Ka ce, "Sannu da dawowa, Baba. Hawa na nawa?" Ya ce, "Na biyar, ɗana, Allah ya yi albarka." Ka danna masa, ka koma kusurwarka. Ka lura "Hawa na nawa?" a nan taimako ne, don hannayensa a cike suke. Kana da kusan daƙiƙa 20. Ya ajiye leda ɗaya a ƙasa, ya dube ka, ya ce, "Jiya da ta lalace ai da ƙafa na hau, gwiwar nan har yanzu ba ta yafe mini ba." Alama biyu ke nan, ƙarin magana da ido. Sai ka ce, "Ashsha, sannu Baba, hawa biyar ba wasa ba." Ya yi dariya ya ƙara jimla ɗaya, lamba ta nuna 4. A nan za ka fara naɗe zancen: "Allah ya ƙara sauƙi, a huta gajiya." Ƙofa ta buɗe, ka danna maɓallin buɗewa har ya ɗauki ledarsa ya fita. Da a ce bayan "Allah ya yi albarka" ya zuba wa ƙofa ido yana sauke numfashi, da maganarka ta gaba ita ce "A huta gajiya" a hawa na 5, babu komai a tsakani.

7. A matakala, ƙafa za ka duba

Matakala ta fi lifta sauƙin karantawa, domin mutum yana da 'yancin wucewa. Ka gaishe shi tun saura taki uku ko huɗu tsakaninku, ka matsa gefe guda, kuma kada ka tsaya. Ka gaisa kana tafiya. In ya amsa ƙafarsa ba ta rage sauri ba, ko ya amsa bayan ya wuce ka ba tare da ya waiwayo ba, shi ke nan. In ya rage sauri, ko ya tsaya da ƙafa biyu a kan taki ɗaya ya juyo da ƙirjinsa, yana da lokaci. Wanda ya tsaya amma ƙafa ɗaya tana kan taki na gaba, hannunsa kuma ya riga ya kama ƙarfen gefe can gaba, tsayuwar kunya ce ya yi. Ka sallame shi da "Sai an jima" ka ga yadda zai ji daɗi.

Mai hawa da mai sauka ba ɗaya ba ne. Mai hawa numfashinsa yake tattali, tsayuwar da ya yi a hawa na 4 wataƙila hutu ce ba gayyata ba, kuma tilasta masa magana yana haki cin fuska ne. "Sannu da ƙoƙari" ka wuce. Mai sauka kuwa idonsa yana kan taki, musamman tsoho ko mai ɗauke da kaya ko goyo. In ka sa shi ya ɗago ko ya waiwaya yana cikin sauka, kana iya jawo masa faɗuwa.

In hira ta kama, ku matsa zuwa sararin da matakala ke lanƙwasawa, ku bar hanya, kada ɗaya yana sama yana leƙo ɗan'uwansa. Ku rage murya, domin rijiyar matakala tana kai sauti hawa biyu ko uku sama da ƙasa, ba ku kuma ganin wanda ke tahowa.

Gargaɗi: kada ka gaida mutum daga bayansa kana daf da shi. In kana tahowa a baya kuma ka fi shi sauri, ka bari a ji takunka tun da nisa, ka ce "Gafara dai" ko "Sannu, zan wuce", ka wuce ɗin.

8. In dare ne, ko ku biyu ne kaɗai

A nan dokar tana ƙara tsauri, musamman in kai namiji ne ita kuma mace ce da ba ta san ka ba. Gaisuwa gajeriya tana da amfani, tana nuna ba laɓe kake ba. Amma gwajin mataki na 6 babu shi. Ka danna hawanka da wuri don ta ga inda za ka tun kafin ta danna nata, kada ka tambaye ta nata. In hawa ɗaya za ku sauka, ka riga ta fita ka kama hanyarka, kada ka biyo bayanta a baranda. In ta ce "Je ka, zan jira ta gaba", ka ce "To" kawai. Murmushi da dariyar da za ta yi maka a irin wannan hali ba a lissafa su cikin alamun son hira, domin mutum yakan yi su ne don a rabu lafiya. Haka ma yaro da yake shi kaɗai: sannu, shi ke nan.

9. Lokacin da ƙofa ta buɗe

Ka fara sallama saura hawa ɗaya, ba sai ƙofa ta buɗe ba. Mai fita shi ke da ikon tsawaita zance. In ya fita ya juyo ya ci gaba da magana, ko ku biyun kun sauka a ƙasa ya daidaita takunsa da naka, to hirar ta tashi daga ta dole ta koma ta son rai, kuna iya ci gaba a waje. In ya ce "To, sai anjima" ya miƙe, kada ka raka shi da wata tambaya.

Gargaɗi: kada ka tare ƙofa da hannu ko ƙafa don ka ƙarasa magana. Akwai masu jira a wasu hawan, kuma liftoci da yawa in an daɗe ana tare su sukan fara ƙara su rufe a hankali ko kana so ko ba ka so. In maganar ta cancanci a ƙarasa, ka fita tare da shi ka jira liftar gaba.

Ga wanda kuke haɗuwa kullum, kada ka yanke hukunci da haɗuwa ɗaya. Mutumin da ba ya iya magana da ƙarfe 7 na safe yana iya zama mai surutu da yamma. Ka ci gaba da gaisuwa iri ɗaya ko ya ƙara ko bai ƙara ba, ka lura da ranar da shi zai riga ka gaisuwa ko ya tambayi sunanka. In kuma makonni sun wuce amsarsa tana nan a "Yauwa, sannu", ka bar shi a haka, kada ka ƙara gwaji, kada kuma ka janye gaisuwar.